Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Babban Bankin Najeriya: a faɗa mana darajar naira ta haƙiƙa, ba farashin dala kaɗai ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da mambobin kwamitin da ke tsara manufofin kuɗi. Ni akawu ne a wani kamfani da ke sayen riɗi da zoɓo a Dawanau da kasuwannin Jigawa, ya gyara, ya loda a kwantena zuwa Legas, daga can a tsallaka da shi. Ba mu da girma, amma duk motsin da naira ta yi sai ya ratsa ta cikin littafina kafin ya kai ga aljihun maigidana. Dalilin wannan wasiƙa shi ne wani ma'aunin darajar naira ta haƙiƙa da bankinku yake lissafawa yana sakawa a rahotanninsa, wanda a teburan ake rubuta shi REER. Kusan ba na jin an ambace shi idan ana maganar naira a rediyo ko a taron 'yan kasuwa, alhali shi ne yake amsa tambayar da ta dame mu, wato ko kayan Najeriya sun yi araha a idon mai saye na waje ko sun yi tsada.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Ranar da aka haɗe kasuwannin canji a tsakiyar watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta doshi 750. Maigidana ya shigo ofis yana murmushi, ya zauna a kan buhunan da ke bakin ƙofa, ya ce in ɗauko kalkuleta. A lissafinsa kakarmu ta yanke saƙa, tunda kowace dalar da baƙi za su biya mu ta kusa ninka kanta. Da dalar ta sake tsalle a farkon 2024 ta haye 1,400, sai ya fara maganar ƙara sito. Zuwa ƙarshen shekarar kuwa, mutumin nan yana zaune a kan buhunan yana tambayata inda ribar ta shige, domin kuɗin da ke shigowa sun yi yawa a takarda, amma abin da ke saura bai taka kara ya karya ba. Ba sata aka yi masa ba. Abin da ya faru shi ne yana kallon allon 'yan canji na Wapa, ita kuwa ribar tana bin wani allo dabam.

Na san ba sai an koya wa limami alwala ba. Amma wasiƙar a buɗe take, kuma da yawa daga masu karanta ta 'yan kasuwa ne irin maigidana, saboda haka ka yi mini haƙuri in warware abin yadda nake warware musu.

Farashin dala a allo yana gaya maka naira nawa za ka bayar ka karɓi dala ɗaya, shi ke nan. Mai sayen riɗi a Japan ko Turkiyya bai damu da wannan ba. Abin da ya dame shi shi ne idan ya canja kuɗinsa zuwa naira, kaya nawa da aiki nawa za su saya masa a Najeriya. Idan naira ta faɗi da rabi amma komai a ƙasar ya ninka kuɗi, to bai ga arahar komai ba, yana nan inda yake. Shi ya sa ake gyara farashin canji da hauhawar farashi, a ɗauki tashin farashin kaya a gida a raba shi da tashin farashin kaya a ƙasar da ake ciniki da ita. Wannan gyaran shi ke mayar da farashin allo ya zama daraja ta haƙiƙa. Sannan tunda ba da Amurka kaɗai muke ciniki ba, sai a yi wannan lissafi da kuɗin kowace babbar abokiyar ciniki, kuɗin Sin da na Indiya da yuro da fam da sauransu, a ba kowace nauyi gwargwadon kasonta a cinikinmu, a dunƙule su wuri guda. A takarda ga yadda yake:

```
REER = 100 × Π (E_i × P / P_i)^w_i
```

A nan `E_i` shi ne yawan kuɗin ƙasar waje da naira ɗaya ke saya idan an gwada da lokacin da aka fara awo, `P` matakin farashin kaya a Najeriya, `P_i` na waccan ƙasar, `w_i` kuma nauyin da aka ba ta. Ana zaɓar wani lokaci a kira shi 100. Idan an rubuta shi haka, kamar yadda Asusun Ba da Lamuni na Duniya yake yi, tashin adadin yana nufin naira ta yi tsada a haƙiƙa, kayanmu sun yi wa baƙo nauyi, na waje kuma sun yi mana sauƙi. Saukarsa na nufin akasin haka. Wasu masu lissafin suna juya shi, su sa naira a sama, sai tashin ya zama faɗuwar daraja. Na taɓa zama a wani taro inda mutum biyu suka yi ta musu kusan rabin sa'a a kan tebur ɗaya, ɗaya na cewa naira ta ƙarfafa ɗayan na cewa ta raunana, ashe babu wanda ya duba ta wace fuska aka rubuta shi.

Yanzu mu gwada shi da alƙaluman da kowa ya sani, da dala kaɗai tukuna don kada kai ya ɗaure. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance. A ƙarshen Disambar 2024 tana wajen 1,535. Idan Mayun 2023 shi ne 100, to a allo naira ta koma 30, ta zubar da kashi 70 cikin ɗari na ƙimarta. A cikin watanni goma sha taran nan kuwa farashin kaya a Najeriya ya tashi da kimanin kashi 58 cikin ɗari, idan aka tara alƙaluman wata-wata na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A shekarar 2024 kaɗai hauhawar ta rufe a kan kashi 34.8. A Amurka farashi ya tashi da kimanin kashi 4 a wannan tsakani. Sai a ninka 30 da 1.58, a raba da 1.04, a samu wajen 46. Wato faɗuwar haƙiƙa daga 100 zuwa 46 ce, ba zuwa 30 ba. Hauhawar farashi ta riga ta cinye wani yanki na arahar tun kafin a je ko'ina.

Har yanzu dai 46 babbar faɗuwa ce, kuma wanda ya tsaya a nan zai ce masu fitar da kaya sun samu garaɓasar da ba a taɓa gani ba. A nan ne nake roƙon a saurare ni da kyau, domin a nan ma'aunin yake yaudarar mai karanta shi. A Mayun 2023 wa yake samun dala a 460? Ba ɗan kasuwar Kantin Kwari ba, ba mai sayen kayan gyaran inji a Sharaɗa ba. Su a Wapa suke saye, a wajen 750, kuma da wannan farashin ake yanka kuɗin kaya a kasuwa. Idan aka fara awon daga 750 zuwa 1,535, naira ta koma 49 ne a allo, kuma bayan gyaran hauhawar farashi ta tsaya wajen 74. Tsakanin 46 da 74 akwai tafiya. Na farkon yana auna faɗuwar wani farashi da mutane ƙalilan ke samu. Na biyun ya fi kusa da abin da kasuwa ta ji a jikinta. Duk ma'aunin da aka gina a kan farashin hukuma a shekarun da ake da kasuwa biyu, zai nuna naira ta yi tsada fiye da yadda ciniki yake tafiya a zahiri, sannan ranar da aka haɗe kasuwannin zai nuna wani rami mai zurfi wanda rabinsa gyaran littafi ne kawai.

Ba yau aka fara ba. A zamanin Janar Abacha an ƙulle dala a naira 22 a hukumance na tsawon shekaru, alhali a kasuwa ta haye 80, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 70 cikin ɗari a 1995. Duk wanda ya duba jerin alƙaluman ma'aunin nan na Najeriya zai ga ya yi ta hawa a waɗannan shekaru, sannan ya rufto ƙasa a 1999 da aka jefar da farashin 22. Babu wata masaƙa a Kaduna da ta wayi gari a 1999 kayanta sun yi araha da irin wannan ninki. Tuntuni take sayen zare da rini da dalar kasuwa.

Amma kada a fahimce ni cewa farashin hukuma bai cutar da kowa ba. Mu ya cuta, masu cika takardar fitar da kaya ta NXP mu dawo da kuɗin cinikinmu ta banki cikin kwana 180 kamar yadda doka ta ce. A ƙaddara tan ɗin riɗi ana sayensa dala 1,500 a waje, na zaɓi adadin ne don sauƙin lissafi. Mai bin ƙa'ida ya sayar da dalarsa a 460, shirin tallafa wa masu fitar da kaya na RT200 da aka fara a 2022 ya ƙara masa naira 65 a kan kowace dala, ya tashi da 525, wato naira 787,500 a kan tan. Wanda ya bar dalarsa a waje ya sayar wa mai shigo da kaya a 750 ya tashi da naira 1,125,000. Su biyun kuma a layi ɗaya suke tsayawa a Maigatari suna taya buhu ɗaya. Wa zai fi ƙarfin tayi? Shi kansa tallafin naira 65 ɗin shaida ce cewa an san farashin hukuma ya ɗaure mai fitar da kaya, sai dai giɓin ya kusa naira 300. Haɗe kasuwannin ya cire wannan ƙaya, kuma ban zo in raina shi ba.

To ina ribar maigidana ta tafi? Riɗi kaya ne da farashinsa ke bin dala. Dala na motsawa da safe, kafin la'asar dillalai sun ji a waya, ranar kasuwa ta gaba manomi ya ƙara wa buhunsa kuɗi, kuma haƙƙinsa ne. Saboda haka faɗuwar naira ba ta sa riɗin kansa ya yi mana araha. Abin da take sauƙaƙawa shi ne kuɗin da ake kashewa a cikin gida tsakanin gona da jirgin ruwa: 'yan dako, matan da ke tsince tsakuwa, injin tankaɗe, buhuna, hayar sito, tirela zuwa Legas, kuɗin ruwan banki. A ƙaddara waɗannan duka sun kai naira 225,000 a kan tan a Mayun 2023, wato dala 300 a farashin 750. Idan sun tashi daidai da sauran kaya, kashi 58, sun zama wajen naira 356,000 a Disambar 2024, wato dala 232 a farashin 1,535. An samu sauƙin dala 68 a kan kowane tan. Wannan ita ce gasar da faɗuwar naira ta saya mana, ita ce za mu iya rage wa baƙo don ya zaɓe mu ya bar wani.

Sai dai kuɗin da muke kashewa ba su bi matsakaicin ƙasa ba. Litar fetur da ke ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi ta haye 1,000 kafin 2024 ta ƙare. Wutar masu rukunin A ta koma naira 225 a watan Afrilun 2024. Ku da kanku kun ɗaga kuɗin ruwa daga 18.75 zuwa 27.5 cikin ɗari a shekarar, mu kuwa da bashi muke sayen kaya a kaka mu jira wata uku ko huɗu kafin kuɗi su dawo. Tayar tirela da kayan gyaranta duk da dala ake shigo da su. Idan kuɗin cikin gidan nan ninkawa suka yi, sun zama naira 450,000, dala 293 ke nan. Sauƙin ya koma dala 7. Ga inda ribar ta shige. Ma'aunin da ake ginawa da farashin kayan masarufi yana auna kwandon uwargida ne, shinkafa da haya da kuɗin makaranta, ba kwandon masana'anta ba. Ƙasashen da ke da alƙaluma masu kyau suna fitar da wani nau'insa da aka gina a kan farashin masu sarrafa kaya ko kuɗin ƙwadago a kan kowane abin da aka ƙera, kuma sau da yawa labarinsa yakan bambanta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gaba. A 2025 dala ta yi ta yawo a kusa da 1,500, mutane suka ce alhamdu lillahi naira ta zauna. Na yarda zaman yana da daɗi, aƙalla ina iya yi wa baƙo farashi yau in tabbata zan iya cikawa nan da wata biyu. Amma idan allo ya tsaya cak alhali farashin gida yana tafiya, naira tana ƙara tsada a haƙiƙa kowane wata ba tare da kowa ya sanar ba. A ƙaddara hauhawar gida kashi 20 ce a shekara, ta abokan ciniki kashi 3. Ma'aunin zai hau da kusan kashi 16 da rabi duk shekara. Daga 74, shekara ɗaya ya kai 86, ta biyu ya koma 100. Wato cikin shekara biyu duk arahar da aka saya da wahalar talaka ta ƙare, an koma gidan jiya, kuma babu wani kanun labari da zai ce naira ta yi tsada tunda allon Wapa bai motsa ba. Haka aka yi bayan faɗuwar 2016: an sauke naira, aka riƙe ta a wuri ɗaya shekaru, farashi na hawa, har giɓi ya sake buɗewa aka dawo ana rabon dala da takarda. Mu a ƙasa muna gane alamun tun kafin tebur ya nuna. Baƙon da ya saba ɗaukar kwantena goma zai ce a ba shi huɗu. Shinkafa da atamfar waje za su dawo su cika kasuwa. Ɗan canji zai fara cewa babu, sai gobe.

Akwai kuma maganar nauyin da ake ba ƙasashe, wadda a ganina ita ce babbar matsalar ma'aunin ga ƙasa irin tamu. Mafi yawan abin da Najeriya ke fitarwa ɗanyen mai ne da iskar gas. Ana sayar da su da dala a farashin duniya, kuma ko naira ta koma kyauta ba za a ƙara sayen ganga ɗaya saboda haka ba. Idan aka raba nauyi bisa jimillar ciniki, ƙasashen da ke sayen man za su ɗauki kaso mai tsoka, tare da Sin da muke shigo da kaya daga wurinta. Ma'aunin da ya fito daga nan yana da amfani wajen sanin ko kayan waje sun yi wa masana'antunmu araha. Amma ni mai riɗi, da wa nake gasa? Ba da masu sayen manmu irin Sifaniya da Holan ba. Idan na aika samfuri Japan ko Sin ko Turkiyya, a kan tebur ɗaya ake ajiye shi da na Habasha da Sudan da Tanzaniya da Indiya. Cinikin kai tsaye tsakaninmu da Habasha kaɗan ne ƙwarai, don haka kuɗinta ba shi da wani nauyin kirki a kwandon da aka gina a kan abokan ciniki. Amma a ƙarshen Yulin 2024 Habasha ta saki kuɗinta, dala ta tashi daga wajen bir 57 ta haye 100 cikin 'yan makonni. Mai riɗin Humera ta Habasha ya samu irin sauƙin da muka samu, kuma a gaban mai saye ɗaya. Teburin da bai san da bir ba zai ci gaba da cewa muna da fifiko. Masu wannan ilmi sun daɗe da sanin maganin, shi ne a ba ƙasa nauyi har da la'akari da gasar da take yi da kai a kasuwa ta uku, kuma manyan cibiyoyin da ke fitar da irin wannan ma'auni haka suke yi, galibi ga kayan masana'anta. Abin da ya rage shi ne a yi wa kayan gonarmu, riɗi da zoɓo da citta da ƙaro da koko da fata, nasu kwandon.

Sai sefa, wadda ta fi kusa da mu a nan Arewa fiye da yuro ko fam, ko da yake a jikin yuro take ɗaure, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya. Hauhawar farashi a ƙasashen sefa ba ta kai ƙafar tamu ba. Da naira ta faɗi, jikar sefa da ake canzawa wajen naira 1,250 ta haye 2,500. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Ƙonni ya ga gero da masara da kayan masana'antar Kano sun yi araha a wurinsa, ya shigo da ƙarfinsa, duk da iyakar a rufe take a hukumance tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Mu kuma shanu da wake da ke gangarowa daga can suka yi mana tsada. Wannan ita ce gasa a aikace, kayanmu sun yi araha kuma an saye su. Amma da abin ya zo kan abinci, sai ya koma tare motoci a kan hanyar iyaka da kukan tsadar hatsi a gida. Mafi yawan wannan ciniki ta Jibiya da Illela da Maigatari ba ya shiga littafin kwastam, saboda haka nauyin sefa a kowane kwando na hukuma ƙasa yake da gaskiyarsa. A nan ne ma abin ya fi saurin aiki, domin ba a jiran jirgin ruwa ko takardar banki, babur da a-kori-kura sun isa.

Ban ce ma'aunin shi ne komai ba, kuma ina jin tsoron ranar da wani zai ɗauke shi ya ce mafita ita ce a yi ta sauke naira duk shekara. Shi farashi kawai yake aunawa. Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wakenmu a 2015 saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a ciki, kuma ko wake ya koma kyauta wannan ƙofa ba za ta buɗe da araha ba. Mu kanmu an taɓa dawo mana da magana a kan wata kwantena saboda danshi, bayan ta shafe makonni tana jiran shiga tashar jirgin ruwa, kuma ragin da baƙon ya yi mana ya fi duk abin da canji ya ba mu a wannan zuwan. Haka nan adadin 100 ba ya nufin daidai. Wata ne kawai aka zaɓa aka fara ƙirga daga kansa. Idan a watan naira tana da tsada fiye da kima, to 80 ma tana iya zama tsada. Ko dalar gyaɗar Kano da ake yawan kafa hujja da ita, gaskiya ne kuɗin mai da naira mai ƙarfi ta shekarun 1970, wadda har ta fi dalar Amurka daraja, sun karya gwiwar mai noma don fitarwa, amma farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 da farashin hukumar sayen amfanin gona duk suna da hannu. Amfanin ma'aunin shi ne ya nuna alkibla da saurin tafiya, kuma wannan kaɗai ya isa a riƙa faɗarsa a bainar jama'a.

Saboda haka ga roƙona, ranka ya daɗe. Duk lokacin da kwamitinku ya zauna ya fitar da sanarwa, a sa layi ɗaya da ke cewa ma'aunin haƙiƙa yana kan kaza, ya motsa da kaza tun zaman baya, kuma tashinsa yana nufin tsada ne ko araha. A bayyana kuɗaɗen da ke cikin kwandon da nauyin kowannensu da shekarar da aka ɗauko nauyin, domin cinikinmu ya sauya fasali, ko shigo da tataccen mai ma ba kamar da yake ba tun da matatar Ɗangote ta fara aiki. A kuma yi mana bayanin yadda aka ɗinke lissafin a Janairun 2025, lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta sabunta kwandon farashi hauhawar ta sauko daga 34.8 zuwa 24.48 a wata guda. Wannan saukar canjin ma'auni ce, buhun masara bai sani ba, kuma duk wanda ya haɗa tsohon jeri da sabo ba tare da kula ba zai fito da darajar naira ta bogi.

Na fi kowa son kwando na biyu, wanda babu mai a cikinsa, wanda ya san da bir da sefa da rupin Indiya da fam ɗin Sudan da shilin ɗin Tanzaniya. Kuna da ma'aikatan da za su iya, kuma takardun NXP da muke cikawa suna ɗauke da sunan kaya da ƙasar da za su da ƙimarsu. Idan an fitar da shi duk wata uku, da fassarar shafi ɗaya cikin Hausa da za a iya karantawa a rediyo ko a liƙa a ofishin ƙungiyar 'yan kasuwar Dawanau, mutum irin maigidana zai sani kafin ya ci bashin kaka ko iskar tana bayansa ko ta juyo. Kakar riɗi tana farawa ne wajen Oktoba, kuma tun Agusta muke zama da banki a kan nawa za mu ranta.

Allah ya yi jagora, ya ba da ikon sauke nauyi.

Naka,
Akawun wani kamfanin fitar da riɗi da zoɓo,
Kano.